Tankaɗe da Rairaya: Yadda Takardun Neman Aiki 640 Ke Komawa Biyar

Duk wanda ya taɓa tura takardar neman aiki ya ji shiru, ya san irin zargin da ke zuwa a zuciya: ai ba su ma buɗe ba, ai da ma suna da nasu. Wani lokacin zargin gaskiya ne. Amma a kamfanin da sana'arsa ke nan, wato samo wa wasu ma'aikata, akasari an buɗe takardar, an kuma ajiye ta gefe saboda wani dalili da aka tsayar tun kafin a buga tallar aikin. Abin da ke yanke wa yawancin takardu hukunci shi ne zaman da aka yi da mai neman ma'aikacin, kwanaki kafin takarda ta farko ta iso.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daga farko har ƙarshe. Mu ƙaddara wani Alhaji ne mai kamfanin casar shinkafa a bayan garin Kano yake neman shugaban sito. Ya ba wani kamfanin samar da ma'aikata kwangilar, aka haɗa shi da wata Hajiya da ta daɗe a wannan aiki. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne, amma matakan haka suke tafiya.

Hajiya ba ta yarda a yi maganar ta waya ba. Ta je kamfanin da kanta, ta ga layin tireloli a bakin ƙofa, ta ga sikelin da ake auna mota da kayanta, ta shiga siton ta ga buhunan shanshera a gefe ɗaya, gyararriyar shinkafa a ɗaya gefen. Sannan suka zauna.

"Hajiya, ni mutum mai amana nake so, mai ƙwazo, wanda ba sai an tsaya a kansa ba."

"Ranka ya daɗe, duk wanda zai turo takarda zai rubuta cewa shi mai amana ne. Wanda ya bar kujerar, me ya raba ku?"

Wannan tambaya ita ce ƙashin bayan zaman. Amana da ƙwazo ba a ganinsu a takarda, don haka aikin Hajiya shi ne ta juya abin da ke damun Alhaji ya koma abin da ido zai iya gani a rubuce. Da Alhaji ya fara bayani sai ta fahimci cewa duk ƙarshen wata nauyin shansherar da ke sito ba ya kai abin da littafi ya nuna, har aka fara zargin sata. Ta tambaya ko ana auna danshin shinkafar ranar da aka sauke ta. Aka ce wani lokaci ana yi, wani lokaci ba a yi. To ga inda gizo ke saƙa. Shansherar da ta shigo da danshi kashi 20 cikin ɗari, idan ta bushe ta dawo kashi 14, wanda shi ne daidai ajiya, kowane kilo 100 zai koma wajen kilo 93. A tirela mai tan 30, an yi asarar kusan tan biyu ke nan a sikeli ba tare da kowa ya ɗauki ƙwaya ɗaya ba. Mai yiwuwa an yi satar, mai yiwuwa ba a yi ba, amma tunda ba a rubuta danshin ba, babu mai iya rarrabewa. Ashe abin da Alhaji yake bukata shi ne wanda ya san hatsi yana rage nauyi, ya kuma saba rubuta komai tun daga bakin ƙofa.

Daga nan ta shiga tambayoyin da masu kamfani ba su cika son amsawa ba. Nawa ne albashin, kuma ina iyakarsa idan an samu wanda ya fi ƙarfin farashin? Mutum nawa ne za su kasance a ƙarƙashinsa? Akwai aikin dare lokacin kaka? Wa zai riƙa kai wa rahoto, da wane harshe? Aka tsaya a kan cewa zai yi Hausa da 'yan dako da direbobi, ya rubuta rahoto da Turanci ga akanta. Alhaji ya so a ce sai mai digiri na biyu. Hajiya ta tambaye shi wane aiki ne a siton nan mai babbar difiloma ba zai iya ba. Ya yi shiru, sannan ya janye.

Kafin ta tashi ta raba bukatun gida biyu, ta karanta masa, ya sa hannu. Gida na farko su ne sharuɗɗan da babu sassauci: shekara uku aƙalla a siton da kaya ke shiga suna fita kullum, babbar difiloma ko digiri tare da takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, iya ajiye lissafin kaya a kwamfuta, da zama a Kano ko amincewa da dawowa. Gida na biyu su ne abubuwan da za a fifita wani a kan wani da su. Sa hannun nan ba ado ba ne. Ranar da Alhaji zai ce ai ba haka ya ce ba, takardar ce za ta raba gardama.

Aka buga talla, aka ba da mako biyu. Takardu 640 suka shigo, irin wadda kowa ke kira si-bi, mai ɗauke da karatun mutum da wuraren da ya yi aiki. Idan Hajiya ta ce za ta ba kowace minti biyar, ta ci sa'a 53 da 'yan mintoci, fiye da mako guda na aiki ba tare da ta ɗaga waya ko ta sha ruwa ba. Kuma wanda ya karanta takarda ɗari a jere ya san cewa ta ɗari da ɗaya ba za ta samu idon da ta farko ta samu ba. Shi ya sa ba a fara da neman gwani. Ana farawa ne da fitar da waɗanda sharaɗi ya riga ya fitar, kamar yadda mai tankaɗe ke fara kawar da tsaki kafin ta kai ga lallausan gari.

Share fage ba ya ɗaukar lokaci. Wasu sun turo sau biyu ko uku, wasu sun turo saƙo babu takarda a ciki, wasu aikin direba suke nema. Guda 70 suka fita, saura 570.

Sai tankaɗen farko, wanda a nan kwamfuta take shigowa. Manyan kamfanoni suna da manhajar da ke tattara takardun masu nema wuri guda, ƙanana kuma sukan wadatu da akwatin imel da jadawalin Excel. Ko wanne ne, ma'aikacin da ke taimaka wa Hajiya zai rubuta kalmomin da yake nema, kamar haka:

```
("store keeper" OR storekeeper OR warehouse OR inventory) AND (Excel OR ERP)
```

Ma'anarsa, a fito da duk takardar da ta ambaci ɗaya daga cikin sunayen aikin sito, kuma ta ambaci ɗaya daga cikin manhajojin lissafi. Waɗanda suka fito sai a bi su da ido, kowace ƙasa da minti ɗaya, ana duba abu huɗun nan kawai: shekarun aiki sun kai uku, takardar karatu ta cika, bautar ƙasa, wurin zama. Maganar bautar ƙasa tana da ɗan sarƙaƙiya da sabon ma'aikaci kan yi tuntuɓe da ita. Tun da aka kafa shirin a 1973, ba kowane mai digiri ne ke zuwa ba: wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya kammala karatu takardar yafewa ake ba shi, kuma ita ma karɓaɓɓiya ce. Wanda bai san haka ba zai zubar da manyan mutanen da suka yi aiki shekaru kafin su koma makaranta, alhali a aikin sito irin su ake nema. Bayan wannan zagaye, 150 suka tsallake, 420 suka faɗi.

A nan ne nake ganin ake bambance kamfanin kirki da na jeka-na-yi-ka. Kuskuren da aka yi a cikin waɗanda suka tsallake zai tonu da kansa, domin za a sake karanta su, a kira su, a gan su ido da ido. Kuskuren da aka yi a cikin waɗanda suka faɗi kuwa babu mai tona shi. Mutumin ba zai san dalili ba, Alhaji ba zai san an taɓa samun irinsa ba. Don haka Hajiya ta sa hannu cikin 420 ɗin nan ta zaro 30 ba tare da zaɓe ba, ta karanta su da kanta. Huɗu daga ciki sun cika kowane sharaɗi.

Da ta bincika sai ta ga dalilai biyu. Uku daga cikin huɗun hoton takardarsu suka ɗauka da waya, ko aka yi musu sikanin a shagon kwamfuta. Ido yana karanta irin wannan takarda sarai, amma a wurin manhajar da ba ta iya karanta rubutun cikin hoto ba, shafi ne wayam, babu kalma ko ɗaya da za ta kama. Na huɗun kuwa ya kira aikinsa `depot supervisor`, sunan da babu shi a cikin kalmomin binciken. Huɗu cikin talatin ba ƙaramin yoyo ba ne. Aka ware duk takardun da suka zo a hoto aka bi su da ido, aka faɗaɗa kalmomin aka sake bincike. Yawancinsu sun sake faɗuwa a kan shekarun aiki, amma mutum 40 suka dawo, jimilla ta zama 190.

Yawan waɗanda suka tsallake shi kansa yana ba da labari. Da a ce takwas ne kawai suka rage daga 570, da Hajiya ta koma wurin Alhaji ta gaya masa cewa ko dai sharuɗɗan sun yi tsauri, ko albashin bai kai ya jawo masu irin wannan ƙwarewa ba. Da kuma 400 ne suka wuce, to rariyar ce ta yi faɗin ido, sharuɗɗan ba su rarrabe komai ba.

Yanzu aka zo karatun gaske, inda ake ba da maki. An ɗauko gida na biyu na bukatun Alhaji, abu huɗu, kowanne ana ba shi daga sifili zuwa uku, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Girman siton da mutum ya taɓa riƙewa ana ninka makinsa sau uku. Sanin hatsi da danshi sau biyu, jagorancin leburori sau biyu, zurfin iya kwamfuta sau ɗaya. Mafi yawan abin da mutum zai samu 24 ne. Kafin su raba aikin, Hajiya da mataimakinta suka ɗauki takardu ashirin iri ɗaya, kowa ya ba da makinsa a ɓoye, sannan suka gwada. Inda suka saɓa da yawa suka tsaya suka daidaita: me ake nufi da babban sito, tan nawa ne? Idan ba a yi haka ba, makomar mutum za ta dogara ne ga hannun wanda takardarsa ta faɗa.

Ga takardu biyu daga cikin tarin. Ta farko shafi huɗu ce, tsaf-tsaf, mai ita yana da digiri na biyu da takardun kwasa-kwasai har shida. A ƙarƙashin aikinsa ya jera cewa shi ke da alhakin kula da kaya, da tabbatar da tsari, da haɗa kai da sauran sassa. Babu adadi ko ɗaya. Da aka duba wurin aikin, siton kayan ofis ne, takardu da tawadar firinta, shi da mataimaki guda. Ya samu uku a girman sito, sifili a hatsi, biyu a jagoranci, uku a kwamfuta. Jimilla takwas.

Ta biyu tana cikin waɗanda aka ceto daga hoto, har inuwar hannun mai ɗaukar ta fito a gefe. Shafi ɗaya da rabi, babbar difiloma, Turancin ma da ɗan gyara. Amma ya rubuta cewa ya riƙe siton taki da masara mai cin tan 2,000 na shekara biyar, da leburori 18 a ƙarƙashinsa, yana ƙidayar kaya duk ƙarshen wata, kuma ba ya karɓar masara sai ya auna danshinta. Tara a girman sito, huɗu a hatsi tunda masara ce ba shinkafa ba, shida a jagoranci, biyu a kwamfuta. Jimilla 21. Na farkon ya faɗi abin da aka ɗora masa, na biyun ya faɗi abin da ya yi da yawansa, kuma mai tantancewa abin da zai iya aunawa yake bi.

Ana cikin ba da makin ne ido ke tsintar abubuwan da ke sa a ɗiga alamar tambaya. Wani ya nuna yana bautar ƙasa a wata jiha, a shekarar kuma yana cikakken aiki a wata jihar mai nisa. Wani ya rubuta shekaru babu watanni, ta yadda aikin wata biyu, daga Disamba zuwa Janairu, zai yi kama da na shekara biyu. Wani ya canza wuri biyar cikin shekara uku. Akwai kuma takardu goma sha da suka zo da jimloli iri ɗaya har da kuskuren rubutu iri ɗaya, alamar shago ɗaya ne ya buga musu, ya canza suna kawai. Ƙwararren mai tantancewa ba ya yanke hukunci da waɗannan, yana rubuta su ne a matsayin tambayar da zai yi ta waya. Giɓin shekara biyu a takardar mace sau da yawa haihuwa ce da reno, a ta namiji kuma yana iya zama jinyar mahaifi ko rufewar kamfani. Wanda ya yi ta sauya wuri wataƙila aikin kwantiragi yake yi, wanda da ma wa'adi gare shi.

Akwai wani haɗarin da ya fi waɗannan ɓoyuwa, domin a cikin mai karatun yake. Takardun neman aiki a Najeriya sun saba ɗaukar jihar asali, ƙaramar hukuma, addini, aure da shekarun haihuwa a shafin farko, tun kafin a kai ga abin da mutum ya iya. Ido kuwa ba ya wuce su bai gani ba. A wani bincike da aka wallafa a 2004, masana tattalin arziki biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 na ƙirƙira ga masu tallar aiki a biranen Boston da Chicago na Amurka, suna sauya sunayen da ke kai. Takardun da ke ɗauke da sunayen da aka san fararen fata da su sun samu kira fiye da masu sunayen baƙaƙen fata da kusan kashi 50 cikin ɗari. Can launin fata ne, nan kuma kowa ya san abin da suna da jiha ke iya jawowa. Maganin da wasu kamfanoni ke yi mai sauƙi ne: a rufe saman takardar, a ba ta lamba, a ba da maki, sannan a buɗe. Idan mai kamfani ya ce shi ɗan garinsu yake so, mai tantancewa na kirki zai tambaye shi abin da aikin ke bukata. Jin Hausa bukata ce ta gaske a siton Alhaji, kuma ana gwada ta a waya cikin minti ɗaya. Jihar da aka haifi kakan mutum ba ta sauke buhu ko ɗaya.

Aka ja layi a maki 15, aka ɗauki 30 na sama. Tun kafin a kira kowa, Hajiya ta tura wa Alhaji takardu uku da aka rufe sunayensu, ta ce ya duba ko irin waɗannan yake nufi. Gara a ji saɓani yanzu da a ji shi bayan an ɓata mako biyu. Ya amsa cewa haka yake so, sai dai ya manta bai faɗa ba, lokacin kaka har Lahadi ana aiki. Aka ƙara wannan a cikin tambayoyin waya.

Kiran wayar minti goma ne zuwa sha biyar. Har yanzu kana neman aikin? Ga albashin, ya yi maka? Za ka iya aikin dare da na Lahadi? Sai tambaya ɗaya ta sana'a, wadda ba a haddace amsarta: tirela ta iso, takardar rakiyar kaya ta ce buhu 600, ka ƙirga ka samu 594, direba yana rantsuwa haka aka loda masa, me za ka yi? Wanda ya taɓa tsayawa a bakin sito zai ce ba zai sa hannu a kan 600 ba, zai rubuta abin da ya karɓa, direba ya sa hannu a kan ragin, a sanar da wanda ya aiko kafin motar ta bar harabar. Wanda shago ya rubuta wa takarda zai fara zagaye-zagaye. Daga 30, wasu sun riga sun samu aiki, wasu albashin bai yi musu ba, wasu wayarsu ba ta shiga har sau uku a kwana biyu. Sha biyu suka rage, aka gayyace su ofis da ainihin takardunsu na makaranta, aka ba su ɗan gwajin lissafin kaya a kwamfuta. Da izininsu aka tuntuɓi wuraren da suka yi aiki, ta lambar kamfanin da Hajiya ta nemo da kanta, domin lambar da mai nema ya bayar tana iya zama ta abokinsa.

A duk wannan tafiya babu inda aka nemi ko kwabo daga masu neman aikin. Alhaji ne ke biyan kamfanin, galibi wani kaso na albashin shekara na wanda aka ɗauka, tare da alkawarin sake nemo wani kyauta idan ya gudu ko aka sallame shi cikin 'yan watannin farko. Ƙa'idar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta shimfiɗa a yarjejeniyarta mai lamba 181 ta 1997 ita ce kada irin waɗannan kamfanoni su caji ma'aikaci, kuma a Najeriya sai da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ake wannan sana'a. Duk wanda ya ce a biya kuɗin fom ko kuɗin tantancewa kafin a duba takarda, a nemi ganin lasisinsa tukuna.

Ranar da Hajiya ta koma wurin Alhaji, sunaye biyar ta kai masa, kowanne da shafi guda: makinsa, abin da aka tabbatar, abin da ya rage a tabbatar, albashin da yake nema, da rauninsa a fili. A shafin mai siton masara ta rubuta cewa bai taɓa aiki da shinkafa ba, kuma rahotonsa na Turanci zai bukaci akanta ya riƙa dubawa a watannin farko. Alhaji ya karanta, ya ɗago kai.

"Hajiya, wannan da kika rubuta masa aibu, shi kika sa a sama?"

"Shi ne, ranka ya daɗe. Ka tambaye shi yadda yake karɓar kaya masu danshi, ka ji da kunnenka."

Aka sa ranar ganawa. Da ta dawo ofis akwai sauran aiki a kan mutum 635 da ba su kai ba. Waɗanda aka gani ido da ido ta kira su ɗaya bayan ɗaya, sauran aka tura musu gajeren saƙo cewa an cike gurbin tantancewa. Takardunsu na ɗauke da adireshi, lambar waya da ranar haihuwa, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ba ta yarda a riƙe irin waɗannan ba tare da dalili ba, ko a miƙa su ga wani yadda aka ga dama. Don haka saƙon ya ƙare da tambaya: ko sun yarda a ajiye takardarsu don wani aikin idan ya taso? Mai digiri na biyun nan da ya samu takwas yana cikin waɗanda suka amsa da e, Hajiya kuwa ta sa takardarsa a jakar masu aikin ofis, inda makinsa zai fito daban.